Takardar nan mai gida uku da ɗan sefti ke nema

"Oga, jiya da muka je duba tankin dizal na janaretan kamfanin nan, ɗan sefti ya ce ba za mu kunna injin walda ba sai mun kawo jadawalin haɗura. Ya miƙo min takarda mai gida uku: mataki, haɗari, rigakafi. Me zan rubuta a ciki? Ba kawai in sa 'a yi hattara, a sa gilashi' ba?"

In ka rubuta haka, yaro, zai dawo maka da ita, kuma ni ma zan goyi bayansa. "A yi hattara" ba abu ne da wani zai zo ya duba ya ce an yi ko ba a yi ba. Duk abin da za ka sa a gida na uku, ya zama abin da ido zai gani ko hannu zai taɓa. Kuma ba a cike takardar nan a shago ana shan shayi. Gaban tankin za ka tsaya da biro.

Fara da gida na farko. Ka bi aikin a ranka kamar kana yinsa, tun daga isowarmu har mu naɗe waya. Tankin nan na lita 200 ne, ya tsage a ƙasa kusa da bakin fitar mai. To matakan su ne: zuƙe mai, kwance tankin a fitar da shi, wanke cikinsa, goge wajen tsagar da giranda, haɗa inji, yin waldar, kankare ɓawo, gwajin yoyo, sai gadin wuta. Tara ke nan. In ka ga sun haura goma sha biyar ka cika tsinke-tsinke, in kuma uku ne kacal to ka haɗiye wasu, kuma galibi wanda aka haɗiye shi ke cizo.

Layin kwance tanki mutane ke rainawa, alhali shi ya fi rage mana wahala. Haɗarin a nan shi ne ɗakin janareta: ƙasa ta sha mai, ga tsummokara, ga batir, ga ƙarancin iska. Maimakon mu yi ta dabarar kare duk waɗannan daga tartsatsi, sai mu ɗauke aikin daga wurin gaba ɗaya. Ka rubuta: "A kashe janareta, a cire kan batir, a kwance tanki a kai fili, nesa da duk abin da ke cin wuta da aƙalla mita 11." Tartsatsi na tafiya fiye da yadda kake zato, yana gangarawa, yana shiga ƙarƙashin ƙofa. Haka za ka riƙa tunani a kowane layi: da farko, za a iya kawar da haɗarin? In ba hali, za a iya tsare shi da wani abu? Gilashi da safar hannu su ne na ƙarshe, domin su ba sa hana abu faruwa, rage ɓarna kawai suke yi.

Yanzu ga layin da ya fi kowanne, wato wanke ciki. Za ka ji masu cewa ai dizal ba fetur ba ne, ko ashana ka jefa masa mutuwa take yi. Gaskiya ne in yana da sanyi. Amma da zafinsa ya kai wajen digiri 55 zuwa 60 sai ya fara fitar da tururin da ke kama wuta, mu kuwa ƙarfe muke narkarwa, a kusan digiri 1,500. Ɗan ragowar man da ya maƙale a lungun tanki zai zama tururi, ya gauraya da iskar ciki, sai ƙara. Tankin da ake cewa "ai babu komai ciki" shi ke fashewa. Ina yaron shago kamarka, wani maƙwabcinmu ya ɗora wuta a kan duro da ya shekara a yashe. Murfin ya tashi ya huda kwanon rumfa, shi kuma kunnensa na hagu bai sake ji ba har ya bar sana'ar.

To a gidan haɗari ka sa "fashewar tanki saboda tururin mai". A gidan rigakafi: "A wanke da ruwan zafi da omo har ruwan ya fito ba maiƙo. A juya tanki tsagar ta koma sama. A cika da ruwa har ɗan ƙasa da inda za a yi walda. A bar bakin fitar mai, wanda yanzu ya koma sama, a buɗe. Ɗan sefti ya auna da na'urar gas kafin a fara." Sunsunawa ba awo ba ce. Dabarar nan ta zura tiyo daga salansar mota cikin tanki kuma, ko da wasa kada ta shiga takardarmu. Hayaƙin na iya ɗauke da iska da man da bai ƙone ba, ba ka da hanyar sanin abin da ka cusa.

Lura da abin da ya faru yanzu, don nan ne amfanin jadawalin yake fitowa. Mun kashe haɗarin fashewa da ruwa, amma ruwan ya jiƙa ƙasa, ga shi za mu jawo lantarki. Injin walda ko ba ka ɗosa sanda ba, akwai wajen bolt 50 zuwa 80 tsakanin holda, wato mariƙin sandar walda, da wayar at da ake maƙalawa a jikin aiki. Da busasshen hannu ƙila ka ji ɗan tsiki. Da jiƙaƙƙiyar safa, ga gumin watan Afrilu, kana tsaye cikin ruwa da silifa, wannan ya isa ya tsayar da zuciya, kuma lokacin canza sanda aka fi kamuwa. Saboda haka a layin haɗa inji ka rubuta: "A matsar da tanki busasshen wuri, mai walda ya tsaya kan busasshen katako, a maƙala wayar at a jikin tankin kusa da tsagar, a duba waya daga inji har holda, ba inda ta ɓare." Wayarmu da aka ɗaure da leda, yau za ka yanke wajen ka haɗa shi yadda ya kamata.

Giranda ba ta buƙatar dogon bayani. Murfinta na jiki, faifan ba tsaga, kuma gudun da aka rubuta a faifan bai gaza na injin ba. Ƙaramin faifai na milimita 115 yakan ɗauki juyi 13,300 a minti, babban na 230 kuwa 6,600 ne iyakarsa, shi ya sa ba a cire murfi a ɗaura babba a ƙaramin inji.

A layin waldar kanta za mu yi da sanda mai milimita 2.5, wuta wajen amfiya 70 zuwa 90, gilashi mai lamba 10. Ka rubuta lambar, kada ka ce "gilashi" kawai, don baƙin tabarau na kasuwa ma gilashi ne. Ka kuma rubuta kanka a ciki, kai mai riƙe aiki. Hasken ba ya tambayar wa ke riƙe da holda, kuma ka san yadda yake, sai bayan awa shida zuwa goma sha biyu, tsakar dare, ka farka kamar an zuba maka yashi a ido. Fentin da ke kewaye da tsagar a goge shi tas, mu tsaya ta inda iska ke kore hayaƙi daga fuska. Madarar gwangwani da yara ke sha bayan aiki ba ta wanke huhu, kada ka sa ta a gidan rigakafi.

Gwajin yoyo da ruwa za mu yi, ko 'yar iska kaɗan da kumfar sabulu. Ba a taɓa hura iskar oksijin cikin tankin mai. Layin ƙarshe kuma gadin wuta: mutum ɗaya da tukunyar kashe gobara mai hoda a hannu, ya zauna aƙalla minti 30 bayan tartsatsin ƙarshe, wasu kamfanonin awa guda suke nema, sai ka tambayi nasu. A gefen kowane layi ka ƙara sunan wanda zai yi, don aikin kowa ba na kowa ba ne.

Gobe in mun isa muka tarar an yi ruwan sama, ko an ajiye durorin mai kusa da filin da muka zaɓa, za mu zare biro mu gyara layin kafin a taɓa inji. Je ka cike ta da fensir tukuna, ka kawo min in gani bayan la'asar.