Tun da aka sa VPN a rauta tibi ta daina kallo lafiya

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ƙanina ya sa mana VPN a cikin rautar gida, tun daga ranar fim sai ya yi ta tsayawa yana juyawa, Netflix kuma wani lokaci ta rubuto "You seem to be using a VPN or proxy" alhali ni ban sa komai a tibin ba. Data kuwa akwai ta. Mene ne abin yi? Daga wani mai bibiyarmu a Hotoro, Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Gaskiyarka ne ba ka sa komai a tibi ba, amma ita tibin ta ina take fita intanet? Ta rauta. In aka sa VPN a waya, wayar nan kaɗai ya shafa, har za ka ga ɗan alamar makulli ko rubutun VPN a saman allo. In kuwa a rauta aka sa shi to duk abin da ya hau wayifai ɗin gidan ya bi ta ciki ke nan, tibi da wayar madam da kwamfutar yara, kuma babu wata alama da za ta fito maka a tibin, shi ya sa mutane suke ta zargin kamfanin da ke ba su intanet ko su ce tibin ce ta tsufa.

Bari mu fara da nauyin da yake yi. A al'ada in ka kunna bidiyo a Kano ba lallai ne daga Amurka yake tahowa ba, domin Google da Netflix suna ajiye sabobinsu, wato manyan kwamfutocin da bidiyon yake ciki, a kusa da masu kallo, wasu ma a cikin kamfanonin sadarwa suke, na Netflix sunansa Open Connect. To yanzu a ce ƙaninka sabar Landan ya zaɓa. Buƙatarka za ta sauka Legas, ta shiga wayar ƙarƙashin teku har Ingila, can za a ɗauko fim ɗin daga sabar da take kusa da Landan tunda a ganinsu can kake, sannan a sake juyo da shi wannan doguwar hanya. Kamar mutum ne yana Hotoro zai sayi abin da ake sayarwa a Tarauni amma ya ce sai ya biya ta Zariya. Kuma sabar VPN ɗin ba kai kaɗai ke kanta ba, da dare in mutane sun yi yawa kowa rabonsa raguwa yake.

Amma abin da na fi gani yana kashe gudu a gidaje shi ne rautar kanta. Aikin VPN shi ne ya kulle kowane ƙunshin data kafin ya fita ya kuma buɗe wanda ya shigo, wannan lissafi ne mai nauyi. Wayarka tana da ƙwaƙwalwa mai ƙarfi, ba ta ma jin aikin. Ƙaramar rauta mai araha kuwa ba don wannan aka ƙera ta ba, musamman in tsarin VPN ɗin da ake kira OpenVPN aka sa mata, sai ka ga layin yana da ƙarfi amma abin da take iya turawa ta ciki kaɗan ne. Wani tsarin VPN ɗin mai suna WireGuard ya fi sauƙi a kanta sosai.

Kwanaki na je wani gida da irin matsalarka sak. Na buɗe fast.com, shafin da yake auna gudun intanet, a waya ina kan wayifai ɗinsu VPN na kunne, ya nuna 6 Mbps. Muka kashe shi, ya nuna 31. Na bar na rautar a kashe na kunna manhajar VPN ɗin a wayata, saba ɗaya ƙasa ɗaya, na samu 24. Ka ga nan magana ta fito, nisan hanya ya ci kamar 7 ne kawai, sauran duk rautar ce ta kasa. Ita Netflix ta ce tana son 5 Mbps don hoton 1080p, 15 kuma don 4K, to 6 ɗin nan da ƙyar ta ishi tibi ɗaya, yaro ɗaya ya buɗe YouTube a ɗaki shi ke nan fim ya fara juyawa. Ka yi wannan awo uku ɗin a gidanka, kuma da dare lokacin da kuke kallo za ka yi, ba da hantsi ba. In na biyu da na uku sun yi kusa da juna na farko ne ya faɗi ƙasa, rauta ce. In na ukun ma ya faɗi, sabar ce ta yi nisa ko ta cika, a canza wata.

Sai saƙon da take rubuto maka, wannan ba ruwansa da gudu, ko 100 Mbps kake samu zai iya fitowa. Kamfanonin kallo suna sayen izinin nuna fim ne ƙasa-ƙasa, abin da aka yarda su nuna a Ingila ba lallai an yarda su nuna a Najeriya ba, kuma da adireshin IP suke gane inda kake. Adireshin sabobin VPN yawanci na manyan cibiyoyin ajiye saba ne ba na gidajen mutane ba, ga shi jama'a da yawa suna shigowa ta adireshi guda a lokaci guda, gane shi ba wuya. Da zarar sun gane sai su toshe. A burauzar kwamfuta saƙon yakan zo da lamba M7111-5059. Wani lokacin ma ba za ta rubuta komai ba, kawai za ka nemi fim ɗin da kake kallo jiya ka rasa, don ta rage maka zuwa waɗanda take da izinin nunawa a ko'ina.

Kafin ka taɓa komai ka tabbatar tukuna. Kunna hotsifot a wayarka da datar layinka, ka tabbata babu VPN a wayar, ka haɗa tibin da shi. In fim ya tashi ba saƙo to ka kama ɓarawon.

Gyaran kuma ba sai an cire VPN ɗin gaba ɗaya ba, wataƙila ƙanin naka yana da aikin da yake buƙatarsa. Ku shiga shafin rautar ta burauza, adireshin yakan zama 192.168.0.1 ko 192.168.1.1 ko 192.168.8.1, yana rubuce a jikinta ta ƙasa tare da faswod. Ku nemi VPN Client. Wasu rautocin suna ba da damar zaɓar na'urorin da za su bi ta VPN da waɗanda za su fita kai tsaye, sunan wurin ya bambanta, wasu VPN Policy wasu VPN Fusion. Ku cire tibin daga ciki. In taku ba ta da wannan, ni shawarata a kashe na rautar kawai shi ya sa manhajar a wayarsa da kwamfutarsa, zai ma fi samun gudu.

Abu ɗaya da ake yawan mantawa, masu saita VPN kan canza DNS, wato abin da yake nemo wa na'ura adireshin shafin da take son shiga, su kuma bar shi haka. Akwai masu sayar da Smart DNS, wanda shi ma firoksi ne, yana karkatar da kallonka ta wata ƙasa ko da VPN a kashe yake, sai ka ga saƙon bai tafi ba. Ku duba DNS a rauta da kuma cikin saitin netwok na tibin ku mayar da shi Automatic, in akwai wurin Proxy a tibin ku sa shi None ko Off. Daga nan a zare rauta da tibi daga wuta kamar minti ɗaya, a fara kunna rautar, sai ta gama tashi sannan tibin.