Asibiti ya sa mana kuɗin abubuwan da ba a yi wa majinyacinmu ba: yaya zan rubuta takardar ƙorafi?

Tambaya: "Assalamu alaikum. An kwantar da mahaifina a asibiti na tsawon mako guda, kuma da aka ba mu takardar lissafi na ga kuɗin magunguna da gwaje-gwajen da na tabbata ba a yi masa ba, domin ni ne na yi jinyarsa. Ina so in rubuta musu takardar ƙorafi. Me ya kamata in sa a ciki don su saurare ni?"

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah Ya ƙara wa Baba lafiya, Ya saka maka da alheri bisa ɗawainiyar da ka yi.

Shawarata ta farko ita ce kada ka rubuta takardar tukuna, sai ka riƙe takardu biyu a hannunka. Na faɗi haka ne domin na taɓa yin garaje lokacin da mahaifiyata ta kwanta da ciwon namoniya, na rubuta shafi biyu cike da ɓacin rai, aka amsa mini da layi uku cewa an duba lissafin kuma daidai yake. Ma'aikacin sashen kuɗi bai kwana a ɗakin majinyata ba, saboda haka idan ka ce masa "ba a yi ba", ya duba kwamfuta ya ga an rubuta an yi, ba shi da hanyar fifita maganarka a kan abin da ke gabansa. Abin da zai sa ya gyara shi ne ka nuna masa cewa takardun asibitin da kansu sun saɓa wa juna.

Takarda ta farko ita ce cikakken lissafi dalla-dalla. Abin da aka saba miƙa wa mutum ranar sallama taƙaitawa ce, inda za a rubuta magunguna a layi ɗaya, gwaje-gwaje a layi ɗaya, gado a layi ɗaya. Ka nemi wanda ke nuna kowane abu da sunansa, da ranar da aka sa shi, da adadinsa, da kuɗin kowane guda. Ta biyu kuma ita ce kwafin abin da ke cikin fayil ɗin Baba, musamman shafin ba da magani wanda ma'aikatan jinya ke sa wa hannu duk lokacin da suka ba da ƙwaya ko suka yi allura, da shafin da suke rubuta zafin jiki da hawan jini da numfashi, da bayanan likitoci na zagayen safe, da sakamakon duk gwaji da hoton da aka yi. Tun da Baba baligi ne, fayil ɗin sirrinsa ne, don haka ka tafi da rubutaccen izini mai sa hannunsa, in ba haka ba suna da hujjar hana ka.

Dalilin da ya sa shafin ba da magani ya fi kowane shafi muhimmanci shi ne akwai tazara tsakanin abin da likita ya rubuta, da abin da ɗakin magani ya fitar, da abin da ya shiga jikin majinyaci. A asibitoci da dama, kuɗin yana hawa kan lissafi ne tun lokacin da aka ba da umarni ko aka fitar da maganin. Idan likita ya canja shawara bayan kwana biyu, ya kamata a mayar da ragowar a soke kuɗinta, kuma a wannan gaɓar ce aka fi yin sakaci, domin ma'aikaciyar jinyar da ke da majinyata da yawa a wuyanta ba mayar da kwalba huɗu ne a gabanta ba. A ganina yawancin irin wannan kuskure daga nan yake fitowa, shi ya sa ban ga amfanin kiran kowa ɓarawo a cikin takardar ba.

Ga yadda namu ya kasance. An kwantar da Mama ranar Litinin 11 ga wata da dare, aka sallame ta ranar Asabar 16. Likita ya rubuta mata allurar jijiya sau biyu a rana na kwana biyar, sai lissafi ya nuna allura 10. Da na karɓi kwafin fayil na shimfiɗa shafukan a kan tebur, na bi akwatunan shafin maganin da fensir ɗaya bayan ɗaya. Akwai sa hannu ɗaya a daren Litinin, biyu ranar Talata, biyu ranar Laraba, ɗaya da safiyar Alhamis, daga nan kuma an ja dogon layi a kan sauran akwatunan, domin a zagayen safiyar Alhamis likita ya dakatar da allurar ya mayar da ita kan ƙwayoyi. Allura 6 ke nan aka yi, an sa kuɗin 4 da ba a yi ba. Iskar oksijin an lissafa ta kwana biyar, alhali shafin numfashi ya nuna an cire mata ita da safiyar Laraba. Sai hoton ciki da aka rubuta ranar Talata, wanda likita ya fasa washegari da ciwon cikin ya lafa. Babu sakamakonsa a ko'ina cikin fayil, kuma wannan hujja ce mai ƙarfi, domin gwaji ko hoton da aka yi da gaske yana barin sakamako mai ɗauke da rana da lokaci.

Akwai abu na huɗu da na yi rantsuwa a kansa kuma na sha ƙasa. Na ga gwajin jini iri ɗaya sau biyu a ranar Talata, na ɗauka maimaici ne. Ashe an sake ɗibar jinin da asuba lokacin da barci ya ɗauke ni a kan kujera, kuma sakamakon biyu suna nan, kowanne da lokacinsa. Ina gaya maka wannan ne don ka yi hattara da dogaro da idonka kaɗai, ko da kai ka yi jinyar. Ana zuba magani a cikin ledar ƙarin ruwa ba tare da mai jinya ya lura ba. Magani ɗaya yana iya bayyana da sunan kamfani a lissafi, a fayil kuma da sunansa na asali. Likitan da ya karanta hoto ya rubuta rahoto yana da kuɗinsa ko da bai taɓa leƙo ɗakin ba. Idan kuma an shiga da Baba ɗakin tiyata, abin da aka yi amfani da shi a can ba ka gani ba, sai dai ka nemi bayanan tiyatar. Saboda haka ka raba abubuwan gida biyu: waɗanda fayil ya goya maka baya a kansu, ka nemi a cire su kai tsaye, da waɗanda kake shakka kawai, ka nemi a nuna maka shaidar an yi su. Idan ka cakuɗa su, da zarar sun karya maka guda ɗaya za su yi amfani da shi su raunana sauran.

Ita takardar kanta kada ta wuce shafi ɗaya. Ka aika ta ga shugaban sashen kuɗi, ka ba shugaban asibitin kwafi. A sama ka sa cikakken sunan Baba kamar yadda yake a katinsa, da lambar fayil, da lambar takardar lissafi, da ranar kwanciya da ta sallama, da ɗakin da ya kwanta. Sannan kowane abu ya samu sakin layinsa. Ga yadda na rubuta na allurar:

"Layi na 7 na lissafin ya nuna allurar jijiya guda 10 daga ranar 11 zuwa 16 ga wata. Shafin ba da magani ya nuna sa hannu 6 kacal, na ƙarshe da safiyar 14 ga wata, kuma bayanin likita na wannan rana ya dakatar da allurar. Ina neman a cire kuɗin guda 4. Kwafin shafukan biyu yana haɗe da wannan takarda."

A kan oksijin na rage wa kaina buƙata da gangan. Tun da a lissafinsu kwana-kwana suke ƙirgawa, na amince da ranakun 11, 12 da 13, duk da cewa na ƙarshen 'yan sa'o'i ne, na nemi a cire kwana biyu kawai. Hakan ya toshe ƙofar jayayya. Ban kuma sa labarin ma'aikaciyar da ta yi mana tsawa ko jinkirin da aka yi kafin ba mu gado ba, ko da yake sun ci mini rai, domin da zarar sun shiga ciki za a mayar da takardar sashen koke-koke, a ba ka haƙuri, kuɗin kuma ya tsaya yadda yake. Wannan ƙorafin yana da tasa takardar daban.

A ƙarshen takardar ka faɗi abin da kake nema a fili: a duba lissafin a gwada shi da fayil, a ba ka sabon lissafi da aka gyara a rubuce, a dakatar da neman biyan ɓangaren da ake jayayya a kai har a kammala binciken, kuma a amsa maka kafin wata rana da ka ambata. Ni mako biyu na ba su. Idan kun riga kun biya duka ko an cire daga kuɗin ajiyar da kuka bayar ranar kwanciya, ka rubuta lambar rasit ka nemi a mayar da rarar, ka faɗi hanyar da kake so a mayar. Idan ba ku biya ba, ina ba ka shawara ka biya abin da ba ka jayayya a kansa, ka rubuta cewa biyan na wannan ɓangaren ne kaɗai, domin hakan yana raba ka da mai neman hanyar gudun bashi. Kada kuma ka sa hannu a kan yarjejeniyar biyan jimillar duka kaɗan-kaɗan alhali ƙorafinka yana gabansu, domin ana iya ɗaukar sa hannun a matsayin amincewa da adadin. Idan inshorar lafiya ce ta biya wani kaso, ka aika musu kwafi, tun da su ma kuɗinsu ne ya fita a kan abin da ba a yi ba, kuma suna da masu duba irin wannan.

Ka kai takardar da kanka tare da kwafi biyu, a buga wa naka hatimin karɓa da kwanan wata da sa hannun wanda ya karɓa. Asalin rasit da sauran takardu su zauna a wurinka, kwafi kawai za ka miƙa. Duk wanda ya kira ka ta waya ya ce an gyara, ka gode masa ka nemi ya ba ka a rubuce, kuma ka rubuta sunansa da ranar da kuka yi magana. Idan wa'adin ya wuce shiru, ka aika tunatarwa ta layi uku mai ɗauke da ranar takardar farko, sai bayan nan ka kai maganar ga hukumar da ke sa ido a kan asibitoci ko ta kare haƙƙin masu saye a inda kuke, da kwafin duk abin da ka riga ka aika.

Mu sai da na aika tunatarwa sau ɗaya kafin su kira ni. Akantan ya ajiye kwafina kusa da fayil ɗin, ya ƙirga sa hannun da yatsa har zuwa inda aka ja layin, ya kira ɗakin hoto suka tabbatar masa ba su da sunan Mama a rajistarsu ta wannan mako. Suka cire allura 4, da oksijin na kwana biyu, da hoton cikin, suka nuna mini sakamakon gwajin jinin na asuba, ni kuma na janye wannan a rubuce kafin in karɓi sabon lissafin.