Yadda za ki ɗora shaidar kwastoma a allon PowerPoint

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina sana'ar turaren wuta a Gwammaja, kuma zan yi bayani a taron mata 'yan kasuwa a wani ɗakin taro da ke Zoo Road. Wata kwastoma ta turo min doguwar yabawa ta WhatsApp. Na kwafa na sa a PowerPoint, sai ya cunkushe, harafin ƙ da ɗ kuma suka fita daban. Yaya zan gyara?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Kafin ki taɓa kwamfuta, fara da rage maganar. Mutumin da ke kujerar baya, fanka na ƙara, ga ki kina magana, ba zai karanta layi takwas ba. Nemi jimla ɗaya ko biyu, kada ta wuce kalmomi 20 zuwa 25, wadda ta faɗi abin da za a iya gwadawa. A ce a saƙon akwai gaisuwa da addu'a da "kayanki sun yi kyau", sannan can a tsakiya ta ce: "Na turara labule ranar Juma'a, har Litinin ƙamshin bai tafi ba." To wannan ita za ki ɗauka, domin ta ambaci abu da kwanaki.

Sai dai ki ji tsoron Allah wajen yankan. Idan kin cire wani abu a tsakiyar jimla, sa ɗigo uku a gurbinsa. Idan kuma ta ce ƙamshin na daɗewa amma kwalbar ta zo a fashe, kada ki yanke ta yadda ma'anar za ta juya. Kina iya gyara kuskuren rubutu, ki mai da "kamshi" zuwa "ƙamshi", amma ba ki da hurumin ƙara mata kalma. In da Turanci ta rubuta kika fassara, ki rubuta "fassara daga Turanci" a ƙasa.

Yanzu shimfiɗar. Shafi guda, magana guda. Ki ba maganar girman rubutu 32 zuwa 36, ki jingina ta hagu da Align Left, kada ki taɓa Justify, don shi ke buɗe manyan giɓi tsakanin kalmomi. A Line Spacing Options zaɓi Multiple ki sa 1.2. Inda layi ya karye a mummunan wuri, misali "bai" a sama "tafi ba" a ƙasa, danna Shift+Enter ki karya shi inda mai magana zai ja numfashi. Jimlar labulen nan layi biyu ce: na farko ya tsaya a "Juma'a". Rubutu mai duhu a kan fari ko ruwan madara ya fi, saboda yawancin ɗakunan taronmu hasken rana na shigowa ta taga, yana wanke launin majigi. Ruwan gwal a kan hoton kasko yana da kyau a waya, amma a bango ɓacewa yake.

Zancen ƙ da ɗ kuwa, ba laifin kwamfutarki ba ne. Salon rubutun da kika zaɓa ne ba shi da haruffa masu lanƙwasa, sai PowerPoint ya aro su daga wani salon, shi ya sa kike ganin harafi ɗaya ya fi sauran kauri ko tsayi, wani lokacin ma akwati ne ke fitowa. Salon ado mai kama da rubutun katin biki ya fi yin haka. Gwaji mai sauƙi: rubuta "ƙamshi, ɗaki, ɓawo", ki sake da manyan baƙaƙe Ƙ, Ɗ, Ɓ, ki ƙara girman ki duba. Noto Sans da Andika duk suna da su, kuma kyauta ake sauke su. Ni na taɓa ganin aikina ya watse a kwamfutar masu ɗakin taro don ba su da salon da na sa, tun daga nan ba na fita sai da kwafin PDF a filashi. Ki kuma shiga File > Options > Save ki kunna Embed fonts in the file.

Sunan mai maganar shi ne abin da na fi damuwa da shi, don yabon da aka ce "wata kwastoma" ce ta yi, kowa zai ɗauka ke kika rubuta abinki. Ki sa shi a ƙasan maganar, a jingine hagu ɗaya da ita, da girman 18 zuwa 20, ba cikin alamar zance ba. Layin farko suna da kauri, na biyu bayani: "Hajiya Wance", sannan "mai shagon labule, Kantin Kwari, saƙon WhatsApp" da wata da shekarar da ta turo. Amma sai kin nemi izininta tukuna, ki tura mata hoton shafin yadda zai fito, ki ajiye amsarta. Matar aure da yawa ba za ta so sunanta ko hotonta a bangon taro ba. In haka ne, ki tambaye ta ko ta yarda da sunan farko da unguwa kawai. Lambar wayarta kam kada ta fito ko kusa, shi ya sa ma ban so ki ɗora hoton hirar kai tsaye.

Ranar taron ki je da wuri, ki kunna majigin, ki koma kujerar ƙarshe. In ba ki iya karanta layin sunan daga can ba, ƙara masa girma zuwa 24.