Wane Batu Ƙungiyar Muhawara Za Ta Bincika a Bana?

Tambaya: Ni malama ce mai kula da ƙungiyar muhawara da kacici-kacici a wata sakandare a Kano. Kowace shekara muna zaɓen batu ɗaya na harkar ƙasa yara su bincika, amma kullum sai mu ƙare a kan “cin hanci” ko “dimokuraɗiyya”, yaran su haddace jawabi kawai. Wane batu za mu ɗauka?

Amsa: Malama, laifin yana ga faɗin batun. Babu wanda zai tashi ya kare cin hanci, don haka ɓangare ɗaya ya faɗi tun kafin a fara. Batun da zai ɗauki shekara sai ya kasance mai hankali zai iya tsayawa a kowane ɓangare, kuma hujjarsa tana inda ɗalibi zai kai da ƙafarsa. Da wannan ma'auni, shawarata ita ce 'yancin ƙananan hukumomi, da wannan ƙuduri: “Biyan ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye zai inganta ayyuka a unguwarmu.”

A zango na farko su karanta doka. Sashe na 7 na kundin tsarin mulkin 1999 ya tabbatar da zaɓaɓɓun majalisun ƙananan hukumomi, sashe na 162 kuma ya tanadi asusun haɗin gwiwa tsakaninsu da jiha. A ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa tura musu kasonsu kai tsaye, ta kuma haramta kantomomin riƙo. Muhawarar tana cikin tazarar da ke tsakanin sashe na 162 da wannan hukunci. Su kuma karanta jadawali na huɗu na kundin, inda aka lissafa ayyukan ƙaramar hukuma: kasuwanni, tashoshin mota, mahauta, maƙabartu, kwashe shara. Wannan karatun ne ke hana kuskuren da aka fi yi, wato yaro ya ɗora wa ciyaman laifin lalacewar titin gwamnatin tarayya.

Zango na biyu na fita ne, kuma nan ne aikin yake. Najeriya tana da ƙananan hukumomi 774, Kano tana da 44, amma ku ɗauki guda ɗaya tak, wadda makarantar take ciki, da aiki ɗaya, misali kwashe shara. A raba yara rukuni huɗu, kowanne da malami. Rukuni na farko ya nemo kason da ƙaramar hukumar ta samu daga asusun tarayya na wata shida a jere, domin Ofishin Akanta Janar da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa suna wallafa rabon. Na biyu ya ƙirga juji a tituna biyar, ya koma duk mako har sau huɗu yana rubuta wanda aka kwashe da wanda ya kwashe shi. A Kano jiha ma tana da hukumar kwashe shara, saboda haka “wa ya kwashe?” ita ce tambayar da za ta raba gardama. Na uku ya tattauna da kansila da mai unguwa da 'yan kasuwa goma, tambayoyi iri ɗaya ga kowa. Na huɗu ya rubuta wa sakatariya takarda da sa hannun shugaban makaranta yana neman kasafin kuɗin shekara. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba hukuma kwana bakwai ta amsa. Ko da an yi shiru, a ajiye kwafin da aka buga wa hatimin karɓa, domin shirun ma hujja ce a ranar muhawara.

A zango na uku a yi ƙuri'a wajen raba ɓangarori, bayan kowa ya shirya duka biyun. Masu goyon baya za su ce kuɗi yana maƙalewa a jiha. Masu adawa ma suna da makami mai kaifi: hukumar zaɓen jiha ce ke shirya zaɓen ƙananan hukumomi, kuma sau da yawa jam'iyyar gwamna ke lashe kusan duk kujeru, to wane 'yanci kuɗi zai saya? Akwai kuma fargabar albashin malaman firamare idan aka bar shi a hannun ciyamomi.

Abin da ke ɓata irin wannan aiki shi ne siyasar jam'iyya, musamman a Kano. Ku kafa doka tun ranar farko: ba a kiran sunan ɗan siyasa ko jam'iyya, sai dai muƙami, kuma duk adadin da ba a faɗi daga inda aka samo shi da watansa ba, alƙalai su rage maki.

Tambayoyin kacici-kacici kuwa daga wannan binciken za su fito, kowane rukuni ya kawo goma da amsoshinsu. Idan fita ta yi wuya saboda tsaro ko kuɗin mota, ku koma ga batun da ake iya bincika a cikin aji, kamar gyaran 2018 da ya rage shekarun takarar majalisar wakilai da majalisun dokokin jihohi daga 30 zuwa 25, ku tambaya ko matasa nawa suka samu kujera a majalisar dokokin jiharku tun daga lokacin.