Hukuncin Amsa Wa Maƙwabcin Da Ya Koka Da Hayaniyar Biki

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina aurar da 'yata a wani rukunin gidaje a Kaduna. Daren Alhamis aka yi kamu a ƙofar gida, kiɗa ya kai kusan ƙarfe ɗaya na dare. Da safe na ga imel daga maƙwabcina, dattijo ne da ya girme ni, yana cewa mahaifiyarsa mara lafiya ba ta runtsa ba, motocin baƙi kuma sun tare masa ƙofa. Ya rubuta da zafi, ya saka shugaban rukunin gidajen a cikin saƙon, ya nemi mu soke sauran taron. Saura walima ranar Asabar. Shin dole ne in ba shi haƙuri alhali biki halal ne? Dole ne in soke? Me zan rubuta masa?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya sanya albarka a auren, ya ba mara lafiya lafiya.

Ba shi haƙuri wajibi ne a kanka, soke walima kuma ba wajibi ba ne. Amsar da za ka rubuta dole ta ɗauki duka biyun, kada ɗaya ya cinye ɗaya.

Gaskiyarka ce cewa bayyana farin ciki a aure halal ne. A cikin Bukhari, Nana A'isha ta raka wata amarya gidan wani mutumin Madina, sai Annabi (SAW) ya tambaye ta ko ba su tafi da abin nishaɗi ba, domin Ansar suna son nishaɗi. Walima kuwa shi ya umarci Abdurrahman ɗan Aufu da ita ko da da akuya ɗaya. Maganar irin kiɗan da ya halatta da wanda bai halatta ba babi ne daban, ba ita ka tambaya ba. Amma halaccin biki bai halatta maka hana maƙwabci barci ba. Abu Dawud ya ruwaito daga Abu Sa'id cewa Annabi (SAW) yana i'itikafi ya ji sahabbai suna ɗaga murya da karatu, sai ya ɗaga labule ya hana su, ya ce kowannensu yana ganawa ne da Ubangijinsa, kada sashensu ya cutar da sashe. Karatun Alƙur'ani ke nan a cikin masallaci. To ina ga lasifika da ƙarfe ɗaya na dare a kunnen tsohuwa mara lafiya? Wannan cutarwa ce ƙarara, kuma ƙa'idar da ke cikin Muwaɗɗa ta Imam Malik ita ce babu cuta, babu cutarwa. Tare masa ƙofa da motoci ma haka yake, musamman gidan da za a iya buƙatar fita da majinyaci cikin dare.

Hadisin da nake so ka riƙe a zuciya shi ne wanda Annabi (SAW) ya yi rantsuwa sau uku cewa duk wanda maƙwabcinsa bai aminta daga sharrinsa ba, to bai yi imani ba. Ba ka yi niyyar cuta ba, na yarda. Rashin niyya yana sassauta laifi, amma haƙƙin mutum yana nan sai ya yafe.

Shiru ba mafita ba ne. An ruwaito daga Ibn Abbas cewa yana ganin amsa wasiƙa haƙƙi ne kamar amsa sallama, kuma malaman fiƙihu suna cewa rubutu kamar magana yake. Saboda haka ka amsa yau, kafin Asabar, kuma ka sani duk alkawarin da ka rubuta za a tambaye ka shi kamar ka furta da baki. Zafin da ya yi kada ya tunzura ka. Aya ta 148 ta Suratun Nisa'i ta yi wa wanda aka zalunta rangwame ya ɗaga murya da kukansa, mutumin da ya kwana yana jinyar mahaifiyarsa cikin kiɗa kuwa yana da uzuri.

A nan mutane ke kuskure ta fuska biyu. Wani zai rubuta "idan har mun dame ku, a yi haƙuri", alhali ya san sun dame su. Wannan "idan" ɗin tana rushe ban haƙurin, domin ta mayar da abin da ya faru abin kokwanto. Haka ma mai cewa "yara ne" ko "dangin ango ne suka kawo mai kiɗan". Ƙofar gidanka ce, nauyin a wuyanka yake. Wani kuma kunya ce za ta kama shi ya ce "ba za ku ƙara jin ko motsi ba", alhali yana jiran baƙi fiye da ɗari. Wannan alkawari ne da ya san zai saɓa, saɓa alkawari kuma yana cikin alamomin munafunci uku da hadisi ya ambata. Ka yi alkawarin abin da ke hannunka kawai, ka saka masa lokaci. Ga yadda za ka iya tsara saƙon:

"Assalamu alaikum Alhaji. Na ga saƙonka, kuma kana da gaskiya. Kiɗan daren jiya ya wuce lokaci, motocin baƙinmu kuma sun tare maka ƙofa. Laifina ne, ina roƙon ka yafe mini, ka kuma roƙa mini Hajiya gafara. Allah ya ba ta lafiya. Game da Asabar, ba zan iya soke walima ba, domin an riga an gayyaci jama'a, wasu ma sun taho daga nesa. Za a fara bayan la'asar a tashi kafin isha'i. Ba za a fitar da lasifika waje ba, janareto zai koma ɗaya ɓangaren gidan, kuma na sa yara biyu su tsaya a kan motoci don ƙofarka ta kasance a buɗe. Za a ji hayaniyar mutane a waɗannan sa'o'in, ba zan ɓoye maka ba. In wani abu ya wuce haka, ka kira ni kai tsaye. Muna kuma gayyatarka da iyalinka."

Ka lura ba a ba da haƙuri kan auren kansa ba, an bayar ne kan abubuwa biyu da aka ambata da sunansu. Kada ka saka aya ko hadisi a ciki don nuna masa cewa biki sunna ne, a bakin wanda ya yi laifi hakan zai zama gardama. Kada kuma ka tono abin da shi ya taɓa yi maka a wani sunan ko biki. Tun da ya saka shugaban rukunin gidajen, babu laifi ka danna Reply all sau ɗaya don ya ga an ɗauki mataki, amma kada ka yaɗa saƙon dattijon ga dangi, ciwon mahaifiyarsa sirrin gidansa ne. In rukunin naku yana da ƙa'idar lokacin kashe kiɗa da kuka amince da ita, bin ta wajibi ne a kanka ko da bai koka ba, domin Musulmi suna kan sharuɗɗansu.

Akwai hali ɗaya da hukuncin zai canza. In jikin tsohuwar ya tsananta har hayaniyar rana ma za ta cutar da ita, to ka mayar da walimar wani wuri, ko ɗakin taro ko gidan ɗan'uwa, domin kawar da cuta yana gaba da wahalar canza wuri. Ba za ka san haka ta imel ba. Bayan ka tura saƙon, ka taka da ƙafarka ka yi sallama, ka duba Hajiya, ka tambaye shi da baki yadda jikin yake. Ranar Asabar kuma a kai musu abincin walima tun kafin baƙi su fara ci.

Wallahu a'alam.