Shafina ba ya fitowa a Google, in biya a gyara?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina sayar da turaren wuta da humra a Unguwar Rimi, Kaduna. Wata biyu ke nan da aka yi mini shafin intanet, amma in na rubuta "turaren wuta Kaduna" a Google ba na ganinsa. Wani ya ce in ba shi naira 50,000 ya kai ni sahun farko. In biya?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Ki riƙe kuɗinki tukuna. Babu mai iya yi miki alkawarin sahun farko, kamfanin Google da kansa yana gargaɗi a kan masu irin wannan alkawari. Abin da za ki fara ganowa shi ne ko Google ya ma san da shafin. Ki rubuta wannan a wurin bincike, ki sa ainihin adireshinki, kada ki bar tazara bayan ɗigo biyun:

```
site:adireshinki.com.ng
```

Idan babu abin da ya fito, to da alama shafin bai shiga rumbun Google ba. Galibi dalilin ƙarami ne. Masu gina shafi kan rufe shi lokacin da suke aiki, don kada a ga ginin da bai kammala ba, sai su miƙa wa mai shi ba su buɗe ba. In da WordPress aka yi naki, ki shiga Settings, sannan Reading, ki duba akwatin da aka rubuta "Discourage search engines from indexing this site". Matuƙar akwai alama a cikinsa, shafin yana ɗauke da umarnin `noindex`, wato yana ce wa Google kada ya nuna shi. Ki cire alamar ki adana. Bayan haka ki rubuta adireshinki a wurin da ake sa adireshi a burauza, ki ƙara `/robots.txt` a ƙarshe, ki ga ko akwai waɗannan layuka:

```
User-agent: *
Disallow: /
```

Wannan sandar guda ɗaya da ke bayan `Disallow` ta hana a leƙa ko'ina a shafin. Cire ta aikin wanda ya gina miki ne, kuma bai kamata ya karɓi ko sisi a kai ba.

Daga nan ki buɗe Google Search Console, inda Google ke nuna wa mai shafi halin da shafinsa ke ciki, kyauta ne, kuma da imel ɗinki za a buɗe, ba na mai ginin ba, don kada ranar da kuka rabu ya tafi da makullin. Ki sa adireshin a URL Inspection, ki danna Request indexing. Sai haƙuri, domin yakan ɗauki kwanaki, wani lokaci makonni. Maimaita dannawa ba ya ƙara masa sauri.

Idan kuwa shafukanki sun fito a gwajin farko, matsalar daban ce: Google ya san da ke, amma bai ga dalilin sa ki gaba ba. A nan muke yawan ganin kuskure ɗaya. Mai kaya ta ɗora hotuna masu kyau, sunan turare da farashi duk an zana su a jikin hoton, babu rubutu ko layi ɗaya a ƙasa. Google da rubutun shafi ya fi dogara. Ki ba kowane kaya shafinsa, ki rubuta sunansa yadda masu saye ke faɗa, girman kwalba, farashi, da unguwannin da kike kai kaya, Malali ne ko Kawo ko Barnawa. Taken shafin farko kada ya tsaya a "Home". Ya zama sunan shagonki, da turaren wuta da humra, da Kaduna.

Kafin wannan ya kankama, masu saye suna da wasu hanyoyin zuwa gare ki. Mafi ƙarfi ita ce Google Business Profile, ita ma kyauta. Ita ce ke sa shago ya fito a taswira da lambar waya da lokacin buɗewa, sau da yawa a saman sauran sakamako. Za a nemi ki tabbatar da shagon, wataƙila ta ɗan bidiyon da ke nuna allon suna da kayan ciki. In daga gida kike sana'ar, kina iya ɓoye adireshin ki nuna yankunan da kike kai kaya kawai. Ki roƙi waɗanda suka saya da gaske su rubuta ra'ayinsu, amma kada ki sayi na bogi, yana iya jawo a hukunta shagon.

Sauran kuwa a hannunki suke. Ki sa adireshin shafin a bayanan WhatsApp Business da Instagram, ki buga shi a takardar da ake manna wa kwalba da jikin leda. Amaryar da aka kawo wa humrarki cikin kayan lefe, in ƙamshin ya yi mata, kwalbar za ta juya ta duba.

Idan bayan wata guda da yin gyaran, Search Console bai nuna shafin ya shiga ba, a nan ne biyan ƙwararre ya dace. Ya rubuta miki ayyukan da zai yi ɗaya bayan ɗaya, ki biya rabi, ragowar sai kin gani a Search Console da idonki.