Wace data ce ta fi arha ga mai cin giga da yawa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a Samarun Zariya, ina kallon darussa a YouTube, ina ɗora bidiyon kayan da nake sayarwa, ga ƙannena da nake kunna wa hosfot. Ta sati nake saya, giga 6 a naira 2,500, amma kwana uku ta ƙare. Don Allah ya zan gane wadda ta fi arha?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Bari mu fara da lissafinka na yanzu. Giga 6 a kwana uku yana nufin giga 2 kake ci kullum, a wata giga 60 kenan, kuma sau goma kake saya, wato naira 25,000 ke fita aljihunka duk wata ba ka ji ba saboda kaɗan-kaɗan take fita. Raba 2,500 gida 6, kowace giga ɗaya tana tsaya maka a kusan naira 417. Wannan 417 ɗin rubuta ta a takarda, da ita za ka auna duk wani tsari da za a nuna maka.

Amma kafin ka yarda da 60 ɗin nan ka tambayi wayarka. Shiga Settings ka nemi Data usage, wurinsa ya ɗan bambanta daga waya zuwa waya amma yana nan, zai nuna maka abin da ka ci cikin kwana 30 da kuma manhajar da ta ci, har da abin da ya tafi ta hosfot. Ni ina gyaran waya da sayar da kati a wajen PZ a nan Zariya, kuma wallahi yawancin masu zuwa su ce min ana sace musu data, in muka buɗe wurin nan tare sai mu tarar TikTok ne ko wayar ƙani da ke sabunta manhajoji a ɓoye. Awa ɗaya na bidiyo a 720p yana cin wajen giga ɗaya, in ka sauke shi zuwa 480p ya koma kamar rabin haka, kuma a ƙaramin allon waya darasi yana fitowa sarai.

To yanzu kwatancen. Farashi yana canzawa, tun da hukumar sadarwa ta Najeriya, NCC, ta amince da ƙarin kuɗin kira da data da ya kai kashi 50 cikin ɗari a Janairun 2025 kamfanoni suka sake jera tsare-tsarensu, don haka lambobin da zan kawo misali ne, kai ka danna *312# a layinka ka sa na gaskiya a gurbinsu. Lambar iri ɗaya ce a duk layuka yanzu, haka *323# na duba ragowar data.

Mu ɗauka ka ga guda biyu na wata. Na farko giga 75 a naira 18,000, na biyu giga 100 a naira 20,000. In ka raba kai tsaye na farko 240 ne kowace giga, na biyu 200, kowa zai ce na biyu ya ci. Nan ne ake faɗawa rami. Sai ka karanta ƙananan rubutun ka tarar giga 100 ɗin nan rabi biyu ce, 50 ta kowane lokaci, 50 ta dare da ba ta aiki sai bayan sha biyu zuwa asuba. Kai da ke da lacca ƙarfe takwas, nawa za ka iya ci a ciki? A ce ka daure ka bar dawunlod cikin dare ka ci giga 5. Ka samu 55 kenan, saura 5 kafin wata ya cika, dole ka koma ka sayi ta satin nan a 2,500, kuɗinka ya zama 22,500, ka raba da 60 ɗin da ka ci da gaske, naira 375 kowace giga. Daga 200 ta koma 375, saura kaɗan ta kamo wadda kake gudu.

Na farkon ma ba 240 ba ne a wajenka. Giga 60 kake ci, 15 za ta rage, don haka 18,000 a raba da 60, naira 300 kenan. Duk da haka ita ce ta ci, kuma ta rage maka naira 7,000 a wata kan abin da kake kashewa yanzu. Abin da nake so ka riƙe shi ne, kuɗin da ka biya ka raba shi da gigar da za ka iya cinyewa kafin wa'adinta ya cika, a lokacin da idonka biyu. Wadda aka rubuta a talla ka bar musu. Haka in ka ga an ce an ƙara maka kyautar giga ta YouTube ko ta WhatsApp kaɗai, lissafa iya abin da kake ci a manhajar, sauran ka ɗauka babu ita.

Ita ragowar 15 ɗin, yawancin tsare-tsaren wata suna haɗa maka ita da sabuwa in ka sabunta kafin wa'adi ya ƙare ko cikin 'yan kwanakin da suka ba da, amma ka duba sharaɗin naka tsarin, don wani sai ka sake sayen irinsa. Ka sa ƙararrawa a waya ranar 29.

Sai wadda ake kira marar iyaka. Kusan kullum tana da ƙa'ida a ƙasa, in ka kai wani adadi sai a rage gudunta har bidiyo ya riƙa juyawa. Nemi wannan adadin, da shi za ka raba kuɗin. Kuma manyan tsare-tsaren rauta da yawa layin rautar kaɗai suke shiga, in za ka bi ta nan sai ka sa kuɗin sayen na'urar a lissafi, ka raba shi kan watannin da za ka yi da ita.

Abu na ƙarshe, kuma a garin nan yana da nauyi ƙwarai, shi ne sabis a ɗakinka. Layin da ke gudu a Kongo ko Kwangila ba lallai ya yi a lungunku na Samaru ba, musamman in makaranta ta cika. Na taɓa sayen babbar data ta wata a wani layi don arharta, a shago tana gudu, da na koma gida Tudun Wada sai na fito tsakar gida na ɗaga waya kafin hoto ya buɗe, fiye da rabinta haka ta mutu. Saboda haka kar ka zuba 18,000 a layin da ba ka gwada ba. Sayi ta kwana ɗaya tukuna, ka zauna inda ka saba karatu tsakanin takwas da goman dare lokacin da kowa ke kan waya, ka kunna darasi a 480p na minti ashirin sannan ka ɗora bidiyon kayanka guda ɗaya, tunda ɗorawa ta fi saukewa wahala. In ya wuce ba tsayawa, sai ka sayi babbar, kuma ka sa wa hosfot ɗin ƙannenka iyaka a Settings tun ranar farko.